Awon furotin da sikelin kicin: wata uku ina ɗaga ƙarfe da abincin gidanmu

Asabar, 7 ga Satumba 2024

Yau sati uku ke nan da na fara zuwa wajen ɗaga ƙarfe a unguwarmu, nan Zariya. Nauyina kilo 62, shekaruna 27, damtsena kuwa da na sa tef ɗin tela na auna, santimita 28. Dalilin buɗe wannan littafi shi ne maganar da na ji tun ranar farko, kuma har yau ba a daina maimaita min ita ba: wai duk mai son tsoka sai ya ci giram 200 na furotin kullum, in ba haka ba wahalar banza yake yi.

Na ɗauki maganar da muhimmanci. Kwana goma sha biyu ina dafa ƙwai goma a rana, biyar da safe, biyar da dare, ga tsire idan aljihu ya yarda. Abin da na samu shi ne kumburin ciki da rashin sha'awar abinci. Idan aka kawo tuwon dare sai in ci loma uku in ture, don ƙwan ya riga ya cika ni. Kuɗin da nake warewa na wata sun ƙare kafin a kai tsakiyarsa, sikeli kuma bai motsa ba. Jiya Umma ta dube ni ta ce, "Kai, wannan wane irin gina jiki ne da ake barin tuwo?" Ban da amsar da zan ba ta.

Saboda haka na tsayar da ƙwai goman. Na sayi ƙaramin sikelin kicin, kuma sati mai zuwa ba zan ƙara komai ba, ba zan rage komai ba. Zan auna abin da muka saba ci a gida in ga nawa yake bayarwa.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ƙanwata ce ta taimaka min, don ita ke kusa da tukunya. Dabarar da muka bi ita ce auna abu tun yana ɗanye kafin ya shiga ruwa, sannan a raba da yawan masu ci. Dole a yi haka, domin wake busasshe giram 100 yana ɗauke da furotin kusan giram 23, amma idan ya dahu ya sha ruwa, giram 100 na dafaffen bai wuce 8 ba. Wanda ya auna dafaffe ya yi lissafi da adadin busasshe, ya ninka abin kusan sau uku ba tare da ya sani ba.

Ga yadda ranar Laraba ta kasance, kuma sauran ranakun ba su yi nisa da ita ba. Da safe koko da ƙosai: rabona na waken ƙosan ya kai giram 50, wato furotin 12, geron koko ya ƙara 4. Da rana garau-garau, shinkafa giram 100 da wake giram 60, sun ba da 21. Bayan la'asar na sha fura da nono kamar kullum, nonon ya kusa kashi ɗaya bisa uku na lita, shi da furar sun kai 15. Da dare tuwon dawa da miyar kuka da yankan nama guda: garin dawar da ya faɗo a kaina giram 150 ne, furotin 15, naman kuma 8. Jimla giram 75.

Na daɗe ina kallon wannan lamba. Kafin yau, idan ka tambaye ni furotin nawa na ci ranar Laraba, yankan naman nan kaɗai zan ƙirga, watakila da nono. Tun a firamare aka raba mana abinci gida uku, aka ce tuwo da shinkafa masu ba da ƙarfi ne, nama da ƙwai da wake masu gina jiki. Rabon yana da amfani ga yaro, amma ya bar mu da tunanin cewa hatsi babu furotin a cikinsa ko kaɗan. Alhali gero da dawa suna da kusan giram 10 zuwa 11 a kowane 100, masara kusan 9, shinkafa kusan 7. Mutumin da ke cin hatsi sau huɗu a rana yana tara giram talatin da wani abu daga nan kaɗai, kamar yadda na tara. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa mutanenmu ke jin suna nesa da abin da ake bukata: rabin abin da suke ci ba sa sa shi a lissafi.

Giram 75 a jikin kilo 62 ya kama 1.2 a kowane kilo. Adadin da hukumomin lafiya ke bayarwa ga baligi mai lafiya wanda ba ya wani horo shi ne kusan 0.8 a kowane kilo, wanda a wurina giram 50 ke nan. Ashe tun kafin in taɓa ƙarfe na wuce wannan.

Asabar, 21 ga Satumba

Wannan satin karatu na yi. Aikin da aka fi dogara da shi a wannan magana ya fito ne a 2018, daga Robert Morton da Stuart Phillips na Jami'ar McMaster a Kanada tare da abokan aikinsu. Sun tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 1,863 masu ɗaga ƙarfe, wasu an ƙara musu furotin, wasu ba a ƙara ba. Sun ga cewa tsoka tana ƙaruwa da ƙaruwar furotin har zuwa kusan giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Daga nan layin ya kwanta, ƙari ba ya kawo ƙarin tsoka da za a iya gani. Da yake jikin mutane ya bambanta, lissafin nasu ya bar fili har zuwa 2.2 ga wanda yake son ya tabbata bai bar komai ba.

Abu biyu a cikin aikin sun fi tsaya min a rai. Na farko, ƙarin furotin ɗin, a matsakaici, ya kawo ƙarin kusan giram 300 ne kacal na naman jiki mara kitse a kan abin da horon kansa ya samar. Kashi mafi girma na ribar daga ɗaga ƙarfen ya fito. Na biyu, waɗanda suka daɗe suna horo sun fi sababbi cin moriyar ƙarin. Jikin sabon shiga yana amsa horo da sauri ko da abincinsa matsakaici ne. Wato mu da aka fi tsoratarwa da maganar giram 200, mu ne muka fi kowa rashin bukatarta.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da ya ƙara kwantar min da hankali. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, furotin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kilo guda na sabuwar tsoka bai ɗauke da fiye da giram 200 na furotin ba. Sabon shiga da ya yi sa'a ya ƙara kilo guda a wata, abin da jikinsa ke ajiyewa a rana bai wuce giram 7 ba, kusan ƙwai ɗaya. Ba ana nufin giram 7 ne kawai ƙarin da ake bukata ba, don jiki kullum yana rushe tsohon furotin yana sake ginawa, kuma wani kaso yana ƙonewa. Amma ya nuna cewa ginin yana da iyakar saurinsa. Magini ɗaya yana da adadin bulon da zai iya jerawa a wuni, ko tirela nawa aka sauke masa a ƙofa. Abin da ya yi saura, hanta tana cire masa sinadarin naitirojin ya fita ta fitsari, ragowar kuma jiki ya ƙona shi kamar yadda yake ƙona tuwo.

Na yanke adadina: 62 sau 1.6, giram 99, na mayar da shi 100. Da zan iya tsayawa ƙasa da haka, amma yawancin furotin ɗina daga tsiro yake, kuma jiki ba ya narkar da shi kamar na nama da madara. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da ake kira layisin, wake kuma yana da shi da yawa, shi ya sa shinkafa da wake ko koko da ƙosai suke cike wa juna giɓi. Tazarar da ke tsakanina da 100 giram 25 ce. Ƙwai biyu da safe, 12. Awara giram 100 da yamma daga wajen mai suya a bakin layi, kusan 12. Shi ke nan.

Laraba, 2 ga Oktoba

Na gano inda giram 200 ɗin nan ya samo asali, aƙalla a wajenmu. Wani yaro da muka fara tare ya nuna min lissafinsa a waya. Sikelin da ke wajen horon tsoho ne, da laba yake nuna nauyi, ma'aunin Amurkawa, ba da kilo ba. Ya hau ya ga 140, ya ji an ce a ninka da 1.6, ya samu 224. Amma 1.6 ɗin na kilo ne. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, sai an raba da 2.2. Nauyinsa na gaskiya kilo 63 da rabi ne, bukatarsa kusan giram 102. Na ce masa, "Ƙanena, ka ninka wa kanka aiki sau biyu." Ya ce shi ma ya yi mamaki, don ya lissafa ya ga sai ya ci ƙwai kusan arba'in.

Ko da ba a yi wannan kuskure ba, maganar da ke yawo a bidiyoyin masu horo na Amurka ita ce giram ɗaya a kowace laba. An so ta ne don sauƙin haddacewa, amma idan aka juya ta zuwa kilo 2.2 ce, wato can ƙarshen iyakar da binciken ya bari. A baki sai ta koma kamar ita ce mafi ƙarancin abin da za a ci.

Sai kuma masu sayar da garin furotin a manyan robobi. Ba na cewa garin ba shi da amfani. Yawancinsa daga ruwan madara ake tace shi, cokalin awonsa ɗaya yana ba da giram 20 zuwa 25, kuma ga wanda ba ya samun lokacin cin abinci hanya ce mai sauƙi. Amma mai sayarwa yana bukatar ka yarda cewa abinci ba zai kai ka ba, kuma da zarar ka amince da giram 200, lallai tuwo da wake ba za su kai ka ba. Ga hotunan da ke jikin robobin, na mutanen da suka shekara goma suna horo, masu nauyin kilo ɗari ko fiye. A cikin masu gasar nuna tsoka akwai da dama da ke amfani da alluran kumbura jiki, waɗanda ke sa tsoka girma fiye da yadda jiki zai yi da kansa. Abincin irin wannan mutum ba ma'auni ba ne ga mai kilo 62 da ya fara jiya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Sati uku a kan giram 100. Cikina ya kwanta. Tsuguno da ƙarfe a kafaɗa ya tashi daga kilo 30 zuwa 45, turawa a kwance a benci daga 25 zuwa 32 da rabi. Ƙarfin makonnin farko yawanci jijiyoyi ne ke koyon aikin, ba tsoka ce ta riga ta girma ba, don haka ban ɗauke shi a matsayin hujjar komai ba.

Nauyi: 62.1. Bai motsa ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Da na faɗi maganar nauyin a wajen horo, mutum uku suka ba ni amsa iri ɗaya: ka ƙara furotin. Na kusa komawa gidan jiya. Wanda ke kula da wurin, dattijo ne da ya daɗe a harkar, shi kaɗai ya yi min wata tambaya daban. Ya ce, "Malam, daga gida zuwa wurin aikinka da me kake zuwa?" Na ce da keke, kusan minti arba'in zuwa, arba'in dawowa. Ya ce, "To abincin ne gaba ɗaya bai ishe ka ba. Ƙara tuwo, ka bar ƙwan yadda yake."

Gaskiyarsa ce, kuma da na duba littafina na ga alamar tun tuni. Furotin ya kai, amma sikeli a tsaye sati huɗu, ina jin yunwa da tsakar dare, kuma zuwa ƙarshen horo ƙafafuna rawa suke yi. Idan kuzarin da ke shiga bai kai wanda ke fita ba, jiki yakan ɗauki wani ɓangare na furotin ya ƙona don ya biya bukatar yau, ginin tsoka kuma ya yi jinkiri. Siririn mutum da ya sha garin furotin alhali abincinsa bai ƙosar da shi ba, man fetur mai tsada kawai ya saya. Yadda ake bambancewa kuwa: in lissafin furotin ya kai 1.6 kuma nauyi bai ƙaru ba cikin sati uku ko huɗu, matsalar yawan abinci ce, ko barci, ko ƙarfen da ba a ƙara masa nauyi.

Na ƙara rabin malmalar tuwo da dare, da gyaɗa cikin tafin hannu da ayaba biyu kafin horo. Gyaɗar tana kawo furotin kusan giram 8 a giram 30, amma don manta na ɗauke ta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

62.9. Kullum da safe nake hawa sikeli, bayan na zaga, kafin in ci komai, sannan in ɗauki matsakaicin kwana bakwai. Awon rana ɗaya yana iya hawa ko sauka da kilo guda saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji.

Wani ya tambaye ni ko gaskiya ne jiki ba ya karɓar fiye da giram 30 a zama ɗaya, kuma dole a ci cikin rabin awa bayan horo. Hanji yana tsotse kusan duk furotin da aka ci, sai dai ya ɗauki lokaci. Ɗaya daga cikin tushen maganar giram 30 ɗin wani gwaji ne na 2009 da ya nuna giram 20 na furotin ɗin ƙwai ya isa ya tayar da ginin tsoka kusan iyakarsa a 'yan awoyin da suka biyo bayan horon ƙafa. Daga nan aka juya ta ta zama doka. Abin da ya fi nauyi shi ne jimlar wuni. Raba ta gida uku ko huɗu ya fi a tara ta wuri ɗaya, kuma tsarin cin abincinmu na safe, rana, la'asar da dare ya riga ya yi wannan rabon.

Talata, 12 ga Nuwamba

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana biyar. Na sha magani, na warke. Kunu da nono kaɗai na iya sha. Nauyi ya sauka zuwa 62.0, kuma ranar da na koma sai da na rage kilo goma a kan ƙarfen tsuguno.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Nauyin ya dawo cikin kwana goma, 63.3, ba tare da na canza komai a abincin ba.

Ɗan baffana ya zo daga Kaduna, shi ma ya fara horo. Nauyinsa kilo 104, tsawonsa mita 1.72, kuma mafi yawan nauyin a tumbi yake. Ya ninka 104 da 1.6 ya samu 166, yana neman yadda zai haɗa su. Na ce masa, "Yaya, kitse ba ya cin furotin kamar tsoka." Ga mai ƙiba, lissafi da cikakken nauyi yana kumbura adadin. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi da nauyin da ya kamata mai tsawonsa ya kasance, wanda a wurinsa kusan kilo 75 ne. Ya kama giram 120. Da yake shi rage kitse yake so, kuma zai rage abinci, bai kamata ya sauka ƙasa da haka ba, don furotin ne ke kare tsoka lokacin da jiki ke ramewa, kuma yana rage yunwa.

Ya kuma kawo wani kuskure da ke tafiya ta ɗaya ɓangaren. Yana zaton in ya sayi nama rabin kilo ya samu furotin rabin kilo. Ɗanyen jan nama kusan kashi ɗaya cikin biyar ne furotin, don haka rabin kilo mara ƙashi giram 100 ne. Da zarar giram ɗin nama da giram ɗin furotin suka cakuɗe a kai, duk lambar da aka ji ba ta da ma'ana, kuma cikin irin wannan ruɗani ne 200 ke wucewa ba wanda ya tambaya.

Abu ɗaya na matsa masa a kai. Yana da hawan jini, kuma mahaifinsa ya yi fama da ciwon suga. Ga mai lafiyayyar ƙoda, binciken da aka yi bai nuna cewa furotin a irin wannan adadi yana cutarwa ba. Amma wanda ƙodarsa ta riga ta fara rauni, likitoci sukan rage masa furotin ne, kuma hawan jini da suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda a ɓoye. Na roƙe shi ya je a duba masa jini da fitsari kafin ya ƙara ko da ƙwai ɗaya. Ya yi alkawari zai je ranar Litinin.

Asabar, 7 ga Disamba

Sati goma sha ɗaya a kan giram 100, har da satin zazzaɓi. Matsakaicin nauyi na wannan mako 64.2, damtse santimita 29 da rabi, ƙugu ya ƙaru da santimita ɗaya. Tsuguno kilo 62 da rabi sau biyar, benci 42 da rabi. Daga cikin kilo biyu da ɗoriyar nan akwai ruwa, akwai ɗan kitse, akwai tsoka. Ƙugun da bai buɗe sosai ba, da ƙarfen da ke ƙara nauyi kowane sati, su nake dubawa in san cewa ƙarin yana tafiya inda ake so.

Na daina auna kowane kwano tun makon jiya, ido ya riga ya saba. A sabon nauyina lissafin ya koma giram 103, bambancin bai kai ƙwai ɗaya ba, don haka ban taɓa komai ba. Sanyi ya shigo, nono ya fara wahalar samu a unguwarmu kuma wanda ake kawowa ya fi ruwa. Daga gobe zan maye gurbinsa da ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗon zogale da la'asar, da busasshen kifi a miyar dare sau uku a mako. Ƙanwata za ta auna min kifin ranar Lahadi, bayan an cire kai da ƙaya, don in san abin da ya rage a hannu. Awo na gaba ranar 4 ga Janairu.